Walimar ƙanwata a Aboabo: baffanni biyu ba sa ga-maciji, ina zan zaunar da wa?

Yayar Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba riƙe taro. Ranar Lahadi ta sama za mu aurar da ƙanwata a nan Aboabo, Kumasi. Ɗaurin aure da safe a masallacin unguwa, walima kuma bayan azahar a titin ƙofar gidanmu, an ba mu izinin tare hanya. Mun raba kati 250. Abinci da kuɗin haya duk Allah ya rufa asiri. Abin da ya hana ni barci shi ne zaman mutane. Babanmu ya rasu, ya bar ƙannensa biyu. Babban shi ne waliyyi, shi zai ba da aure. Ƙaramin shi ya biya mata makaranta har ta gama, kuma shi ya ɗauki nauyin abincin walima. To su biyun suna kotu a kan gidan kakanmu na Asawase, ko gaisuwa ba sa yi. Ga sarkin ƙabilarmu zai zo, ga Liman, ga dangin uwar ango Asantawa ne daga wajen Ejisu. Sannan uwar da ta haife mu za ta zo daga Tamale, alhali matar babanmu ce ta raine mu tun muna ƙanana. Ta ina zan fara?

Ɗan Sawaba: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Yaya, wannan ba walima ba ce, zaman majalisa ne.

Fati ta Landan: Yaya, abu mai sauƙi ne. Ki rubuta sunan kowa a takarda ki manna a kujerarsa, ki kafa allo a bakin shiga mai nuna wane tebur na wane. A sa yara biyu da jerin sunaye, wanda babu sunansa ya jira. Haka aka yi a bikin 'yata a nan, ko ƙwaƙƙwaran tari ba a ji ba.

Alhaji Mai Kanofi: Hajiya Fati, a ɗakin taro mai ƙofa ɗaya hakan yana yiwuwa. A titin Aboabo wa zai tsaya ya ce wa tsohuwa babu sunanta? Gobe ki ji labarin har Alabar, an ce gidan wane sun fara tantance musulmi a ƙofa.

'Yata, kafin maganar wa zai zauna ina, sai kin san filinki. Kati 250 a zango ba mutum 250 ba ne. Hajiya ɗaya za ta zo da ƙanwarta da jika, ƙungiyar mata kati ɗaya kika ba su amma mota guda za su cika. Ni a aikina idan an ce mini 250, kujera 400 da 'yan kai nake lodawa. Ba duka za su zauna lokaci ɗaya ba, wasu su ci su tashi wasu su zo, amma tsakanin la'asar da ƙarfe biyar kowa yana nan.

Kanofi mai ƙafa 20 tsawo da faɗi yana ɗaukar kujerar roba kamar 50 idan layi-layi aka jera ba tebur. Idan kika sa tebur mai zagaye, huɗu ne za su shiga, mutum takwas-takwas, ya zama 32. Kin ga tebur yana cinye miki wuri sosai. Titin naku kanofi nawa zai ɗauka, kuma ina ya fuskanta?

Yayar Amarya: Alhaji, mai hayar ya auna ya ce takwas. Titin daga gabas ya miƙe yamma. Gidanmu yana gefe ɗaya, masallaci yana ɗaya gefen can wajen ƙarshen yamma, akwai ɗan lungu a jikinsa da ke fita babban titi.

Alhaji Mai Kanofi: Madalla, wannan lungun ki riƙe shi, zai yi miki aiki. Ki kafa biyu a kan titin ta yamma, a jere, suna kallon gabas. Nan ne wurin manya, ɗaya maza ɗaya mata, kujerar ango da amarya a tsakani. Sauran shidan, uku a layin masallaci na maza, uku a layin gida na mata, tsakiya a bar shi fili. Dalilin yamma shi ne rana. Daga ƙarfe huɗu take sauka ƙasa-ƙasa ta shigo ƙarƙashin kanofi, idan dattawa suna kallon yamma a idonsu za ta ƙare, ki ga Liman yana kare fuska da hula. Su ba ta baya, a ɗaura labule a bayan.

Na manyan kar ki cusa 50. Talatin-talatin ya isa, saboda kujerun gaba manya ne kuma ana buƙatar wurin durƙuso a gaisa. Biyu sau 30, shida sau 50, kin sami 360. Ki karɓi wasu 60 ki kulle su a zaure, makulli a hannun mutum ɗaya. Idan kika jera su tun farko yara za su hau, baƙon kirki ya zo ya tsaya.

Abu biyu kuma. Sifika da janareto su tafi can gabas, kar a kafa wa tsofaffi a kunne. Sannan ki gaya wa mai hayar da bakinki, ban da kanofi ja da baƙi. Lahadi ce, yawancin kayanmu ranar Asabar suna wurin jana'izar Asantawa, yaran aiki abin da ya dawo shi suke lodawa. Surukanku na Ejisu su zo su tarar da ja da baƙi a bikin ɗansu, ba za su ce komai ba, amma ba za su manta ba.

Malam Ƙarami: Duk wannan dabara ce ta duniya. Ni abin da nake gani, me ya sa za a yi ta wahalar raba 'yan uwa biyu da kujera maimakon a sasanta su? Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku. A zaunar da su kafaɗa da kafaɗa a gaban Liman, kunyar jama'a za ta sa su yi musabaha, daga nan sai Allah ya sanyaya zukata.

Mma Magajiya: Malam, hadisi gaskiya ne, ba mai ja. Amma sulhu a zaure ake yin sa, mutum huɗu ko biyar, ƙofa a rufe, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Idan ka matse su a gaban mutum 400, ɗaya ya miƙa hannu ɗaya ya yi kamar yana gyara rawani, me ka gyara? Kafin magariba an ɗauka a waya an tura Nima. Kuma ranar yarinya ce, ba ranar gidan Asawase ba. In Liman zai iya kiran su a cikin makon nan, alhamdu lillahi. In bai iya ba, kar a ɗora wa walima abin da kotu ta kasa.

Malam Ƙarami: Na ji, Mma. Amma dai a gwada kiran nasu.

Yayar Amarya: An gwada da azumi, Malam. Ƙaramin ya je, babban ya aiko cewa ƙafa na damunsa.

Baba Sanƙira: To bari in sa baki, tunda wannan shi ne abincina. 'Yata, mutane biyu da ke gaba da juna, abu uku ake kiyaye musu. Kar su zauna suna kallon juna, kar hanyarsu ta haɗu, kar kuma ɗaya ya ga an fifita ɗaya a kansa. Na ukun shi ne mai wuya, kuma shi mutane suke mantawa. Wasu da sun ji an ce a raba, sai su kai ɗaya can ƙarshen titi kusa da masu kiɗa. An raba su kam, amma an haifi sabuwar gaba, wannan karon da ku.

Layin gaba na kanofin manya maza ki sa kujera tara, iri ɗaya, tsayi ɗaya, sai ta tsakiya kawai ta bambanta. Ta tsakiya ta Sarki ce. Damansa Liman, sai Baffa babba a matsayinsa na waliyyi, sai dattawan unguwa biyu. Hagunsa uban ango, sai wanda ya karɓa wa ango aure, sai malaminsu da wani dattijonsu. Wannan tsarin ba wanda zai ce an zalunce shi, domin kowa ya san dalilin kujerarsa. Kuma ki tuna Sarki ba ya zuwa shi kaɗai. Layin bayansa ki bar kujera shida ko bakwai na fadawa da mai riƙe lema, da ɗan fili a bayan kujerarsa inda lemar za ta tsaya. In ba ki bari ba, su da kansu za su tayar da wanda suka tarar, kuma ba da lallashi za su yi ba.

Baffa ƙarami kuwa kar ki sa shi a wannan layin kwata-kwata. Kujera ta nawa za ki ba shi? Ta ƙarshe? Mutumin da ya ciyar da taro? Ki ba shi abin da ya fi kujera, ki naɗa shi mai masaukin surukai. Kanofi na farko a layin masallaci, wanda ke manne da na manya, na mutanen Ejisu ne. Layin gabansu a sa kujeru irin na layin Sarki, ba na roba ba. Ya zauna nan tare da babbansu. Yana jin Tuwi?

Yayar Amarya: Kamar ɗan ƙasa, Baba. A Kejetiya ya yi kasuwancinsa tun yana saurayi.

Baba Sanƙira: Shi ke nan, kin ga dalili ya fito da kansa. Ba ke za ki gaya masa ba. Ki roƙi Liman ko wani aminin marigayi ya je har gida ya ce masa, Alhaji, baƙin nan ba wanda zai iya da su sai kai, ka fitar da mu kunya. Kwana biyu ko uku kafin biki, ba ranar ba.

Ɗan Sawaba: Baba, ni fa ina ganin wayo ne kawai, kuma Alhajin ba yaro ba ne. Zai gane an kau da shi daga wurin Sarki. Kuma kanofin na manne da na yayansa, ai ba a raba su ba ke nan.

Baba Sanƙira: Zai gane mana. Shi ma ai ba ya son zama kusa da yayan. Abin da yake so shi ne idan an tambaye shi gobe me ya sa ba a gan ka a layin Sarki ba, ya sami amsar da zai faɗa da ɗaga kai. Game da kusanci kuwa, duba da kyau. Babban yana daman Sarki, wato ɓangaren da ke wajen kujerar amarya. Tsakaninsa da ƙanen akwai Liman da Sarki da mutum huɗu na ango. Shi yana kallon gabas, ƙanen yana kallon gidan biki. Sai wanda ya juya wuya da gangan zai ga ɗan uwansa. Kuma dattawa biyu ba sa ɗaga murya a gaban rawani.

Akosuwa Hajara: Salamu alaikum. Ni uwata Ba'asantiya ce, bari in ƙara kaɗan a kan baƙin naku. Kar ku raba su maza daban mata daban, tare za su zo kuma tare suke so su zauna, ko da kanofin a layin maza yake. Ku nemi sanin waye kawun ango, ɗan uwan uwarsa, wanda suke kira wofa. A wurinsu dangi ta uwa ake bi, don haka wannan mutumin ba baƙo ba ne kawai, matsayinsa ya kusa na uba. Shi ne zai zauna kusa da Baffanku. Idan kuma da wani basarake a cikinsu, zai zo da mai magana da yawunsa, a bar masa kujera a gefensa.

Sai gaisuwa. Idan suka iso ba za su wuce kujera kai tsaye ba, za su bi layin waɗanda suka tarar a zaune suna ba da hannu ɗaya bayan ɗaya, daga damansu zuwa hagu, ba sa tsallake kowa. Bayan sun zauna kuma sukan sa ran masu gida su taso su zo su yi musu sannu da zuwa haka nan. To wa zai jagorance su zuwa layin Sarki? Idan Baffa ƙarami ne a gaba, kun kai shi har gaban yayansa da hannunku.

Yayar Amarya: Inna lillahi. Wannan ko a mafarki bai zo mini ba.

Baba Sanƙira: Allah ya yi miki albarka, Hajara, kin taɓo wurin. Ga yadda ake yi. Baffa ƙarami ya tarbe su a bakin gabas, ya rako su har bakin kanofinsu, ya tsaya nan yana nuna wa yara inda za a ajiye ruwa. Uban ango ne zai taso ya karɓe su ya zagaya da su, ai surukansa ne, ya fi kowa cancanta. Idan za a mayar da gaisuwa kuma, dattawan unguwar nan biyu su je a madadin gida. Waliyyi ya zauna, ya ce ƙafa, tunda dama ya saba faɗa.

Lungun da Alhaji ya ce ki riƙe, ga amfaninsa. Babban ya yi azahar a masallaci, ya fito tare da Liman ta lungun, taku kaɗan yana kan kujerarsa. Motar Sarki ma ta nan za ta tsaya. Ƙaramin harkarsa duk ta gabas. Da la'asar ne kawai za su haɗu a sahu, wannan kuma gidan Allah ne, ba ruwanki.

Alhaji Mai Kanofi: Tunda an ambaci la'asar. Lokacin da manya suka tashi salla, nan ake asarar kujeru. Su dawo su tarar da samari sun baje a kai suna ɗaukar hoto. Ki sa mutum biyu da ba za su gusa ba, su yi tasu sallar bayan an dawo. Kuma kar su zama yara. Yaro ɗan shekara sha biyar ba zai iya ce wa Alhaji mai babbar riga tashi ba, ki nemi magidanta masu sanyin baki. A nan shawarar Hajiya Fati tana da amfani, a manna takarda a bayan kujerun gaba, amma muƙami za a rubuta, Liman, Waliyyi, Uban Ango. Idan suna kika rubuta, wanda ya duba bai ga nasa ba ya sami abin faɗa.

Fati ta Landan: To ai ga shi an dawo kan takardata. Na gode, Alhaji.

Mai Ado Na Tafo: Salam, muna yin kwalliyar wurin biki, kujerun zinare, fulawa, da kujerar amarya mai fitila. A tuntuɓe mu ta akwatin sirri, akwai ragi ga 'yan wannan zaure.

Ɗan Sawaba: Mai Ado, ana maganar kashe wuta kai kana tallan fulawa.

Mma Magajiya: Ku maza kun gama naku, kuna ta fama da alhazai biyu waɗanda ba abin da za su yi sai ɗaure fuska. Ni a bukukuwan da na riƙe ban taɓa ganin rigima ta tashi daga layin rawani ba. Daga wurinmu take tashi, da wurin samari. 'Yata, matan baffannin naki da 'ya'yansu mata, yayi ɗaya suka ɗinka ko kowa da nasa?

Yayar Amarya: Kowa da nasa, Mma. Gidan babban kore, gidan ƙaramin ruwan goro. Mun fitar da namu na gida shuɗi, ba wanda ya saya a cikinsu.

Mma Magajiya: Ba komai, sun sauƙaƙa wa masu nuna wuri aiki, daga nesa za a gane su. Kanofi uku ne a layin gida. Masu kore na farko, masu ruwan goro na uku, na tsakiya ki cika shi da 'yan ƙungiya da matan makarantar islamiyya, waɗanda ba su da dangi a rigimar kuma bakinsu ba ya mutuwa. Duk layi ɗaya suke, gefe ɗaya suke kallo, ba mai harar wata. Kar ki yarda ki ce bari in kai wasu tsallake don su yi nisa. Tsallake shi ne ido cikin ido, daga nan sai habaici, sai a karɓi waƙa ana nuna juna da mayafi.

Na uku zai yi ƙorafin nisa da amarya, gaskiya ne. Abin da za ki rufe bakinsu da shi, uwargidan ƙaramin da uwargidan babban duka biyu suna kanofin manya mata, layin gaba, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, tsofaffin unguwa a tsakani. Kowane gida ya ga uwarsu a gaba.

Abinci kuma, ki saurare ni da kyau. Tunda mijinta ne ya biya, uwargidan ƙaramin za ta so ta riƙe rabo. Kar ki bari. Ko da adalci ta yi, nama ɗaya ya ƙaranta a kwanon masu kore za a ce da gayya ne. A yi mata godiya a ce yau ranar zamanta ce, rabo ya koma hannun 'yan ƙungiya. Manya a fara kai musu, maza da mata lokaci guda, Sarki da Liman a kwano mai murfi, mafi yawa ma ba sa ci a bainar jama'a, a mota za a sa musu. Baƙin Ejisu tare da manya. Bayan nan masu rabo su kasu biyu, wasu su fara daga kanofi na farko wasu daga na uku, su haɗu a tsakiya. Jalof ko wake da shinkafa, abin da aka ba wannan shi za a ba wancan, har lamurje da sobolo. 'Yan ƙungiya su ne na ƙarshe, mun saba.

Abban Sadik: Maganar Mma ta tuna mini bikin ɗan yayata a Madina ta Ankara. An tsara komai lafiya, sai mai riƙe da makirfo ya tashi gabatar da manyan baƙi, ya kira wani ɗan siyasa na jam'iyyar lema ya yi masa kirari mai tsawo, na jam'iyyar giwa kuma ya ambace shi a dunƙule cikin sauran jama'a. Mutumin ya tashi da yaransa kusan ashirin, kujeru suka zama wayam a gefe guda ana tsakiyar addu'a. Har yau uban ango yana ba da haƙuri. Ku ma Asawase na kusa, in kun gayyaci 'yan siyasa ku yi hattara.

Yayar Amarya: Ba mu gayyace su ba, Abba, amma ka san ba sa jiran kati.

Baba Sanƙira: In sun zo, layi na biyu a kanofin manya, wannan gefe da wancan gefe, ambato iri ɗaya, kuma ba a ba kowa makirfo. Amma labarin Abban Sadik ya shafi baffanninki kai tsaye. Abin da kika gyara da kujera, baki yana iya rushe shi cikin minti ɗaya. Ki rubuta wa mai gabatarwa jerin da zai bi, ki ce kar ya ƙara kar ya rage. Sarki, Liman, sai waliyyi da sunan waliyyi, sai uban ango, sai wofa, sai Baffa ƙarami da sunan uban amarya mai masaukin baƙi. Kar a ce wane ne ya biya abinci. Kowa ya sani, faɗarsa a lasifika mari ne ga babban. Mu maroƙa kuma a ja mana kunne tun da wuri, a sallame mu da ɗan abin goro, domin wanda ya fi ba mu shi muke fi wasawa, ba zan ɓoye miki ba.

Liƙi ma gida-gida za a kira, a sa wata ƙungiya a tsakani, kar kore da ruwan goro su haɗu a fili. Mai hoto kuma a hana shi cewa duk dangin amarya su taso. Amarya ce za ta bi kanofi-kanofi a ɗauke ta da kowa a inda yake.

Ɗan Sawaba: Samarin fa? 'Ya'yan baffannin maza su ne na ji an ce sun kusa dambe a harabar kotu.

Alhaji Mai Kanofi: Samari ba a zaunar da su, aiki ake ba su. 'Ya'yan babban su riƙe lungun yamma da butocin alwala da motar Sarki. 'Ya'yan ƙaramin su riƙe bakin gabas, babura da faragiya da masu kawo fiya wata. Tsawon titi guda a tsakaninsu, kuma kowa na ganin shi ne riƙe da bikin. Makullin zaure kar ki ba ko ɗaya daga ciki.

Yayar Amarya: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura wadda ta fi ci mini rai, ba wanda ya taɓa ta. Kujerar da ke manne da amarya a kanofin mata guda ɗaya ce. Mma ta Tamale ko Inna da ta raine mu? Ba faɗa suke yi ba, amma tun da Mma ta bar gidan ba su sake zama wuri ɗaya ba.

Mma Magajiya: A al'adarmu uwar da ta haifa ba ta zaƙewa a bikin 'yarta, tana ɗaki, ƙawayenta da danginta suna shiga suna yi mata barka. A gyara mata ɗaki mai kyau, a kai mata abincinta da na baƙinta na musamman, amarya ta shiga ta durƙusa mata kafin ta fito. Kujerar waje ta wadda ta yi wahala ce. Wadda ta yi kitso ta kai asibiti da dare, ranar nan ce kawai za a biya ta a idon duniya.

Akosuwa Hajara: Mma, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Wannan kunyar tana da kyau idan uwa tana gidanta. Wannan baƙuwa ce yanzu, ta taso tun daga Tamale, a ɗakin wa za a ajiye ta? Ɗakin kishiya? Kuma mutanen Ejisu abu na farko da za su tambaya shi ne ina uwar yarinya. Idan aka ce tana ciki, za su ɗauka ɓoye ta aka yi.

Fati ta Landan: A sa kujera biyu mana, ɗaya dama ɗaya hagu.

Baba Sanƙira: Hagun amarya ango ne ko damanta, Hajiya, gefe ɗaya ne kawai ya rage. Sai dai a ja kujerar ma'aurata gaba kaɗan, a sa ƙawar amarya a gefenta, aluwanka a bayanta, ya zama babu wata kujera da za a ce ita ce ta kusa. Iyayen biyu su zauna a tsakiyar layin gaba, Magajiya a tsakaninsu. Na ga an yi haka ya tafi lafiya, na kuma ga inda aka yi kowacce ta koma gida tana ganin an rage mata.

Mma Magajiya: Ni dai ba zan ƙi zama a tsakani ba in an sa ni. Amma ina nan a kan bakata. 'Yata, ita Innar taku kin tambaye ta? Sau da yawa irin waɗannan matan su suke cewa a ba uwar, kuma in daga bakinta ya fito, girman ya zama nata.

Yayar Amarya: Ban tambaye ta ba, Mma, nauyi nake ji. Amaryar ma da na taɓa mata maganar kuka ta sa mini. Zan sa Gwaggo ta je ta ji ta bakin Inna gobe bayan isha'i, Mma ta Tamale kuma sai Juma'a motarta za ta iso. Alhaji, kujerun gaban nan masu hannu, tara na layin Sarki, na mata tara, na Ejisu nawa zan ce?

Alhaji Mai Kanofi: Ce shida, ki ƙara biyu a zaure. Ki kira mai hayar yau ki ba da kafin alƙalami, ƙarshen wata ne, zuwa Alhamis ba za ki sami iri ɗaya guda 26 a wuri ɗaya ba.